Injin tokumbo 40 daga Sharja zuwa Gombe: abin da za ka rubuta wa mai kaya kafin ka tura kuɗi

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Gombe ne, ina zaune a Jidda. Ƙanena yana da shagon kayan gyaran mota a gida. Na samu wani dila a Sharja mai sayar da tsofaffin injinan Corolla, ya ce zai ba ni guda 40 a kan dala 450 kowanne. Ya turo hotuna da bidiyo, ya ce in tura kuɗin duka, shi zai yi lodi. Ban taɓa ganinsa ba. Me zan rubuta masa kan duba kayan, biyan kuɗi, da kawo su gida?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka tura kuɗin duka. Ba wai don lallai mutumin macuci ba ne, unguwannin masana'antu na Sharja cike suke da masu wannan sana'a na gaskiya. Abin shi ne, hoto bai ɗaure kowa ba. Injin da aka tayar maka a bidiyo yana iya zama ba shi aka sa a kwantena ba, kuma in ta iso Gombe ba ka da abin da za ka nuna. Saboda haka wasiƙarka aiki ɗaya gare ta: ta tabbatar injin da aka duba shi ne aka loda, kuma kowane kason kuɗi ya fita ne bayan wata takarda ta shigo hannunka.

Fara da sunan kayan. "Injin Corolla" ba suna ba ne a ciniki. Rubuta masa lambar samfurin yadda take a jikin injin, misali 1ZZ-FE, mai lita 1.8 da ke cikin Corolla ta 2003 zuwa 2008, domin wadda ta biyo bayanta 2ZR-FE take ɗauka, kuma ba sa shiga wa juna haka kawai. Ka faɗi na giya otomatik ne ko na hannu. Ka faɗi abin da ke jikinsa: kik, altaneta, kwayil, nozul, wayoyi. Dilolin can suna da farashin injin tsirara da na injin cikakke, in ka yi shiru kuwa za a caje ka na cikakke a aiko maka tsirara. Sannan ka nemi abu mafi muhimmanci, wato jerin lambobin injin guda 40 ɗin, ɗaya bayan ɗaya. Kowane inji yana da lambarsa da aka buga a jikin bulok. Wannan jerin ya zama wani ɓangare na takardar farashi da zai sa wa hannu da hatimi.

Batun dubawa nan ne ya kamata ka daɗe. Daga Jidda zuwa Dubai, maƙwabciyar Sharja, tafiyar jirgi ce ta kamar awa uku, don haka in biza ta samu, ka je da kanka tare da bakanike. In ba za ka samu zuwa ba, ka ɗauki mai duba da kai za ka biya, ba wanda mai kaya zai kawo maka ba. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su SGS da Bureau Veritas da Intertek, amma su abin da ka rubuta musu shi za su duba. In ka ce su ƙirga, ƙirga kawai za su yi.

Ga abin da za ka sa a rubuce. A kowane inji a buɗe murfin zuba baƙin mai a leƙa. In an ga dasƙararren baƙin laka, mai shi bai riƙa juye a kan kari ba. In an ga wani abu fari-fari kamar madara, ruwa ya haɗu da mai, gaskit ya ƙone ko kan silinda ya tsage. A sa sifana a juya fulin kirankishaf da hannu zagaye biyu. Wanda ya ƙi juyawa ko ya cije a wani wuri, a ware shi. A kwance fulogi huɗun a jera su a ɗauki hoto. Fulogin da ya jiƙe da baƙin mai yana nuna ringi ya gaji, kuma wannan injin na farko-farkon fitowarsa an san shi da shan mai ta nan. Daga nan sai gwajin matsi, wanda ake yi da batir da kik ko da injin yana ƙasa. Littafin Toyota ya sa mafi ƙarancin matsin wannan injin a wajen 145 psi, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce kamar 15. Injin da ya ba da 180, 178, 182, 179 lafiyayye ne. Wanda ya ba da 180, 175, 120, 178 kuwa, silinda ta uku tana da matsala, ko da ya tashi da kik ɗaya a bidiyo. In aka ɗiga ɗan mai a ramin fulogin aka sake gwadawa matsin ya hau, ringi ne. In bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. Injin da ke sanyi yakan ba da ƙasa kaɗan da na littafi, shi ya sa bambancin da ke tsakanin silindojin ya fi zama abin lura.

Duk wanda ya ci gwaji, mai dubawa ya yi masa lamba da fenti, 1 zuwa 40, ya ɗauki hoton fentin tare da lambar bulok. Ka rubuta a wasiƙar cewa wanda ya faɗi za a musanya shi kafin lodi, ba bayan ya iso ba. Alƙawarin "in bai yi ba ka dawo da shi" daga Gombe zuwa Sharja magana ce ta fatar baki, kuɗin mayar da inji ɗaya ya fi kuɗin injin. Kuma mai dubawar ya dawo ranar lodi, ya tsaya har a rufe ƙofa, ya rubuta lambar kwantena da lambar sil ɗin da aka ɗaure, wato ɗan makullin hatimi da ake sa wa ƙofar kwantena. Yawancin musanya tsakanin ranar dubawa da ranar lodi ake yin ta.

Kuɗinka dala 18,000 ne. Raba shi uku. Kafin alƙalami kashi 30, wato 5,400, bayan ka karɓi takardar farashi mai jerin lambobi da kwafin lasisin kasuwancinsa. Kashi 50, wato 9,000, bayan rahoton mai dubawa da hoton kwantena a rufe da sil. Ragowar 3,600 sai ya turo maka kwafin takardar lodin jirgi, wadda ake rubuta B/L, ka shiga shafin kamfanin jirgin da lambar kwantenar ka ga lallai ta hau. Shi ma bai yi asara ba a wannan tsari, domin asalin takardar tana hannunsa, kuma ba ka iya fitar da kaya daga tasha sai ya sake ta. Ka rubuta cewa zai saki takardar cikin kwana uku da shigar kason ƙarshe. Zai yi ƙoƙarin ja da kai zuwa rabi da rabi, wannan ciniki ne, ana iya daidaitawa. Wanda ya ce ko duka ko babu, kuma ya ƙi a turo mai duba, ka nemi wani dilan.

Sunan da ke kan asusun banki ya zama daidai da sunan da ke kan lasisi, harafi da harafi. Kada ka tura asusun mutum, ko na "ɗan'uwan manaja". In ana tsakiyar ciniki saƙo ya zo cewa an canza asusu, dakata, ka kira lambar da ka saba kira tun farko ka ji daga bakinsa. Ɓarayin da ke kutse cikin imel da wannan dabarar suke cin abinci. Na san a Jidda hanyar bayar da riyal a hannu a karɓi dirhami a can ta fi sauri, amma ba ta bar maka shaidar da za ka kai gaban kowa ba.

Sai jigila. Tambaye shi dala 450 ɗin nan a wane sharaɗi take. In EXW ce, farashin a filinsa ne, lodi da mota zuwa tashar Jebel Ali da ke Dubai da takardun fita duk a wuyanka suke. In FOB ce, shi zai kai har cikin jirgi, kai ka biya kuɗin jirgi. In CFR ce, har kuɗin jirgi zuwa tashar Najeriya yana ciki. Nemi ya ba ka CFR da sunan tasha a rubuce, Apapa ko Tin Can ko Onne. Inshorar kaya kuwa a Najeriya ake yankarta, wurin kamfanin gida. Kwantena mai ƙafa 20 ta ishe ka, tana ɗaukar sama da tan 25, injinanka kuwa ba za su kai rabin haka ba. Ka sa a tsiyaye mai da ruwa daga kowane inji, a toshe bakunan iska, a jera su da katako a tsakani a ɗaure, don kaskon mai da murfin sama su ne ke fara fashewa in teku ta yi jijjiga.

Zai ce akwai sauran wuri, bari ya cika maka da wasu kaya. Yi hankali a nan. Tsofaffin tayoyi, gwanjon tufafi, tsofaffin firij da na'urar sanyaya ɗaki da kwamfuresa duk suna cikin jerin abin da kwastan ta hana shigowa da shi, kuma kaɗan daga cikinsu na iya jawo a riƙe kwantenar gaba ɗaya. Rubuta masa ƙarara cewa kada a sa komai da ba ya cikin jerin kaya. Ko kwamfuresar da ke manne a jikin inji, tambayi ejan da zai fitar maka da kaya daga tasha tukuna.

Aikin ƙanenka yana farawa kafin lodi, ba bayansa ba. Da takardar farashin zai je bankinsa a Gombe ya buɗe Form M, wato takardar rajistar shigo da kaya, da sunan kamfaninsa mai rajista da lambar haraji, tunda kuma daga Jidda za ka biya, a buɗe ta a matsayin wadda ba ta neman dala daga banki. Kada ka yarda a ɗora kaya a jirgi kafin a amince da ita. Ka tura wa mai kaya lambarta ya sa a takardunsa, kuma sunan mai karɓar kaya a B/L ya zo daidai da na fom ɗin. Ka ce ya turo maka daftarin B/L ka karanta kafin a buga na ƙarshe: sunan, lambar kwantena, lambar sil, adadin injin. Gyara bayan jirgi ya tashi kuɗi ne da ɓata kwanaki. Da waɗannan takardu ne banki zai nemo PAAR daga kwastan, wadda a kanta ake lissafin kuɗin fito, a ɗora harajin VAT na kashi 7.5.

Ka roƙi mai kaya ya nemo maka kwanakin kyauta masu yawa wurin kamfanin jirgi, 14 ko 21 in zai samu, a rubuta a takarda. Da zarar sun ƙare, damarej, wato tarar jinkirta kwantena, yake fara hawa kullum, kuɗin ajiya na tasha kuma daban yake tafiya. Agogon kamfanin jirgi bai tsayawa sai kwantenar ta koma musu fanko, ga kuɗin jinginar da sukan riƙe maka a kanta. Kai ta Gombe a dawo da ita tafiya ce mai cin kwanaki, ko ta Onne aka bi a ratsa Makurɗi da Lafiya da Jos da Bauchi. Ya fi sauƙi ejan ya fasa ta kusa da tasha, a juye injinan cikin babbar mota a mayar da fankon. Ƙanenka ya kasance a wurin da jerin lambobin a hannu, ya duba sil kafin a yanke, ya bi fentin 1 zuwa 40, kuma ya ba direba kwafin takardun biyan fito saboda shingayen kwastan da ke hanya.