Tallan kai saƙo: ka faɗi abin da za ka yi in kaya sun makara

"Jama'a muna kai saƙo tsakanin Jos da Abuja, zan yi bidiyon talla na minti ɗaya kan bibiyar kaya da lokacin isarwa. Me zan rubuta? Kuma in sa maganar makara ko zai kori kwastoma?"

Ɗan'uwa don Allah ka sa ta, wallahi ita ce ma za ta sa irina mu ba ka kaya. Ni sitiroberi nake turawa daga Jos, kuma wani kamfani ya taɓa karɓar min kwalaye na wata amarya a Gwarimpa, suka ce gobe da safe. Safiya ta yi shiru, azahar shiru, ina buga lambar wayabil ana nuna min "yana hanya", na kira ofis yarinyar ta ce in yi haƙuri direba ba ya ɗauka, uwar amarya kuma tana ta kira na kamar ni na ɓoye kayan. Da suka iso ƙasan kwali ya jiƙe jawur, ya fara tsami. Ko sannu ba su ce min ba, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

To kar ka ce "cikin gaggawa", kowa haka yake cewa. Faɗi agogo: "Kawo kayanka ofishinmu na Taminus kafin 10 na safe, ya isa Wuse ko Garki kafin 6 na yamma." Hanyar Akwanga da Keffi awa huɗu zuwa biyar ce in ba matsala, amma ka san goslon Mararaba da Nyanya, sai ka ƙara lokaci a kai, kar ka yi alƙawari da lissafin ranar da hanya ta yi kyau. Kubwa da Lugbe kuma ka ware musu nasu lokacin.

Wajen bibiya, a ɗauki wayar mutum a kusa yana saka lambar rasit, a ga matakan da sa'arsu: an karɓa, ya bar Jos, ya shiga ofishin Abuja, yana hannun mai babur ga lambarsa. In ba ku da manhaja saƙon tes kuke turawa, to shi za ka nuna, kar ka ari hoton taswira mai motsi, za a tambaye ka ita.

Minti ɗaya bai wuce kalma 130 ba in ana magana a natse, ka bar wa makara sakan 15 na ƙarshe: "In kaya za su makara, mu za mu kira ka kafin lokacin ya cika, mu gaya maka inda suke. In sun kwana, kuɗin aike ya dawo maka." Amma sai in da gaske za ku biya fa. Kuma kayan da ke lalacewa ku tambaya tun wajen karɓa, a rubuta kuɗinsu a rasit, don mayar min da kuɗin aike ba zai biya min kwali ko ɗaya ba.