Amsar Kawu kan babin da aka kasa miƙawa

"Kawu, Allah ya ƙara girma. Na gama babi na ɗaya na binciken kammala digirina tun makonni uku da suka wuce, amma na kasa kai wa malamin da ke duba ni, kullum sai in ga da sauran gyara. A al'adar karatu, ba raini ba ne a miƙa aikin da bai cika ba?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ba raini ba ne. An ba ki malami ne domin ya ga aikin tun yana ɗanye, ya yi masa jan biro, ki gyara, ki mayar. Abin da ke ɓata wa masu duba ɗalibai rai shi ne shiru, sai lokaci ya ƙure a jibge musu babi biyar a rana ɗaya.

Ɗauko babin na yau ki ajiye shi kusa da na makonni uku baya. In kin ƙara hujja ko kin cike wani giɓi, gyara kike yi. In kuwa jimlolin farko kike ta juyawa, ki sauya kalma yau, gobe ki maido da ita, to tsoro ne ya riƙe ki. Duk ranar da kika ce "sai gobe", ƙirjinki yakan yi sanyi nan take, wannan sanyin kuma shi ke koya wa zuciya cewa gudu ne mafita. Shi ya sa gobe fargabar take fin ta yau.

Akwai kuma asarar da ba kya gani. A ce malamin zai ce tambayar bincikenki ta yi faɗi, a rage ta. Shafukan da kika kwana kina gogewa su za a fara cirewa, kuma da kin kai tun farko da tuni kin sani.

Ki aika masa saƙo yau cewa za ki kawo babin ranar Alhamis, don alkawarin ya fita daga hannunki. Kafin ranar, karatu biyu kawai na yarje miki: ɗaya don ma'ana da jerin hujjoji, ɗaya don kuskuren rubutu da sunayen madogara. Wuraren da har yanzu ba su kwanta miki ba, zaɓi uku ki rubuta su a takarda: "Malam, ban gamsu da sakin layi na biyu a shafi na 4 ba, ina neman shawara." Kin ga ba ki ɓoye komai ba, balle ki ji tsoron a gano.

Sannan ki rubuta abin da kike zaton zai faru, ko da "zai ce ban cancanta ba" ne. In babin ya dawo, ki gwada zaton da abin da ya rubuta da hannunsa. Fargabar ba za ta tafi a karo ɗaya ba, sai kin maimaita a babi na biyu da na uku.

Amma in abin ya kai ga hana ki barci ko cin abinci, ko ya bi ki cikin kowane darasi, ki je wurin mai ba ɗalibai shawara ko likita, kuma ki sanar da ni. Ranar Alhamis da yamma zan kira ki in ji.