Amsoshin wasiƙunku: alawus na kadara, asarar bara, da motar da oga ke son saya a Disamba

"Salam Malam. Ni sabon akanta ne a wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Kano, an ba ni lissafin harajin 2024 in haɗa. Mun sayi babbar mota ta miliyan 40, na cire difirishiyeshan miliyan 8, riba ta tsaya miliyan 22. Odita ya dawo min da takardar wai in mayar da miliyan 8 ɗin. Wallahi na rikice, ina tsoron oga ya ce ban iya aiki ba."

Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka, oditan nan gaskiya ya faɗa maka kuma gara da ya kama tun takardar ba ta fita ba. Faɗuwar darajar da ka cire a littafi ƙiyasinku ne na cikin gida, ku kuka ce motar za ta yi shekara biyar, wani kamfanin zai ce takwas, to hukumar haraji ba ta yarda kowa ya yanka wa kansa yadda ya ga dama, shi ya sa take cewa a mayar da shi cikin riba, sannan ta ba ka nata da ke rubuce a doka, wato kafital alawus. Saboda haka 22 da 8, ribar da aka gyara ta zama miliyan 30, in dai babu wani abu kaman tara ko kashe-kashen gidan oga da aka cusa a littafi, don su ma mayar da su ake yi.

Yanzu motar. A dokar harajin kamfanoni da ke aiki a kan lissafin 2024, mota tana da alawus na farko kashi 50 cikin ɗari, sau ɗaya tak ake ba da shi a shekarar da aka saya aka fara aiki da ita, ka ga miliyan 20 kenan. Sai alawus na shekara kashi 25, amma ba a kan miliyan 40 ba, a kan abin da ya rage bayan an cire na farkon, wato miliyan 20 a raba shekara huɗu, miliyan 5 duk shekara, a ta ƙarshe a bar naira 10 a littafi har ranar da aka sayar. Shekarar farko kana da 20 da 5, miliyan 25.

Nan ne yawancin yara ke faɗawa rami, sai su cire 25 daga 30 su miƙa. Ku 'yan saye da sayarwa ne, ba masana'anta ba ne kuma ba harkar noma ba, alawus ɗin da za ku ci a shekara ba zai wuce kashi biyu cikin uku na ribar da aka gyara ba. Biyu cikin uku na 30 shi ne 20. To 20 za ka cire, saura miliyan 10, ita ce za a ɗora wa haraji, kuma in dai cinikinku ya haura miliyan 100 a shekara kashi 30 ne, harajin miliyan 3. Ragowar miliyan 5 ɗin ba ta ɓace ba, ka rubuta ta a matsayin wadda aka ɗaga zuwa baɗi, ta haɗu da miliyan 5 na shekarar, ka samu 10. Harajin ilimi kuma, kashi 3 ne a kan miliyan 30 ɗin kafin a cire alawus, naira dubu 900, kar ka lissafa shi a kan 10.

Ka buɗe jadawali ɗaya ka riƙa bin darajar motar ta wajen haraji: bayan shekarar farko 15, bayan ta biyu 10. Zai yi maka rana lokacin sayarwa, don yadda naira ta faɗi, motar da ke 10 a jadawalinka za a iya sayar da ita miliyan 28 a shekara ta uku, kuma bambancin miliyan 18 ɗin nan dawowa yake cikin abin da za a biya wa haraji, tunda an ba ku alawus fiye da yadda motar ta tsufa. Iyakarsa dai ba zai wuce jimillar alawus ɗin da kuka riga kuka karɓa ba.

"Malam, oga ya ce in ba shi shawara, yana so ya sayi jif ta miliyan 60 kafin ƙarshen Disamba don haraji ya ragu. In ce ya saya?"

Haba ƙanena. Wannan maganar duk ƙarshen shekara sai ta zo min, kuma duk lokacin sai raina ya ɓaci, don ba a taɓa tambayata ko kamfanin yana buƙatar motar, kullum sai dai "don haraji ya ragu". Ɗauki kalkuleta. In komai ya tafi daidai aka ba ku alawus a kan miliyan 60 gaba ɗaya, abin da zai ragu a haraji kashi 30 ne, miliyan 18, shi ma ba a shekara ɗaya ba. Sauran miliyan 42 daga jarin kamfani suka fita, kuɗin da za su sari kaya a juya su sau nawa kafin shekara ta zagayo, ga mai, ga inshora, ga direba, ga gyara a farashin kayan gyaran yanzu. Kaman mutum ne ya ƙona rumbu don kar ɓera ya ci hatsi.

Kuma wannan in komai ya tafi daidai ne fa. Alawus ba ya samuwa sai motar mallakin kamfani ce, kuma tana aikin kamfani a ƙarshen shekarar lissafin. In an biya kuɗi ranar 28 ga Disamba mota tana Kwatano ko tana kan ruwa, ba ta shiga wannan shekarar ba. In takardun mota da rasit sun fito da sunan Alhaji ba da sunan kamfani ba, to ta Alhaji ce, ko da daga asusun kamfani aka tura kuɗin. In kuma ita ce ta kai yara makaranta da zuwa biki da ta'aziyya, ma'aikatan haraji suna da ikon zabtare alawus ɗin su bar kason aikin kamfani kawai. Sannan kadara mai tsada irin wannan, ana neman satifiket ɗin amincewa daga sashen duba kadarori na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, mutane da yawa ba sa waiwayar sa sai an zo odit an tambaya sannan a fara gumi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rasit na bogi. Dila ya sayar da mota miliyan 45 a ce masa ya rubuta 60, ko a je a bugo rasit na janareto da ba a taɓa saya ba, sai a miƙo wa ƙaramin akanta a ce shigar. Dan Allah kar ka shigar. Mai odit ba rasit kawai yake kallo ba, zai nemi takardar banki ya ga nawa ya fita kuma wa aka tura wa, zai nemi takardun kwastan in kayan waje ne, wani lokaci ya ce a kai shi ya ga injin da idonsa ya duba lambarsa. Ranar da aka gano, alawus ɗin duk shekarun za a soke, a dawo da harajin da tara da ruwa a kai, kuma jadawalin da aka yi ƙaryar a ciki kai ka haɗa shi, ogan da ya sa ka shi ne zai fara cewa bai san zancen ba. Ka gaya masa cikin ladabi: Yallaɓai, in kamfani na buƙatar mota a saya da sunan kamfani ta banki, in ba ya buƙata a biya harajin ya fi arha.

"Mun sayi fili miliyan 25 a bayan gari, kashi nawa ne alawus ɗinsa?"

Babu. Fili ba ya tsufa, ba a ba shi alawus. In kun yi gini a kai, kuɗin ginin kaɗai ne, kashi 15 na farko da kashi 10 na shekara a dokar da ta hau kan lissafin 2024, saboda haka ka raba kuɗin fili da na gini tun a littafi.

"Malam barka da aiki. Ni ma'aikaciya ce a wata masana'antar robobi a Sharaɗa. A 2023 mun yi asarar miliyan 20, a 2024 ribar da aka gyara ta kai miliyan 30. Wani ya ce min asara shekara huɗu kawai ake ɗaga ta. Kuma me zan fara cirewa, asara ko alawus? Kwana biyu ba na barci."

Yi barcinki ƙanwata, wanda ya gaya miki shekara huɗu tsohon karatu ya riƙe, tun gyaran dokar 2007 aka cire wannan iyakar, kamfanonin inshora da suka rage su ma aka cire musu a dokar kuɗi ta 2019. Ana ɗaga asara gaba har ta ƙare. Baya ne ba a mayar da ita, ba za ki ce a dawo muku da harajin 2022 ba.

Sai dai miliyan 20 ɗin da kika faɗa ina zaton ta littafi ce, kuma ba ita ake ɗagawa ba. Ita ma gyara ta ake yi. A ce a cikinta akwai faɗuwar daraja miliyan 7 da tarar miliyan 1 da aka ci ku, in aka mayar da su asarar haraji ta zama miliyan 12. Ki duba ritan ɗin da aka shigar na waccan shekarar ki ga adadin da ke ciki, da shi za ki yi aiki. In ma ba a shigar ba wai don "ai asara muka yi", to a shigar da shi tukuna, don asarar da hukuma ba ta gani ba ba za ta cire miki ita ba, ga tarar jinkiri, wadda a tsohuwar doka dubu 25 ce a watan farko da dubu 5 duk wata bayansa. Wa'adin wata shida ne bayan rufe littafi, mai rufewa a Disamba ƙarshen Yuni kenan.

Asara ake fara cirewa. 30 a cire 12, saura 18. A ce alawus ɗinku, na bara da ba a ci ba da na bana, ya kai miliyan 21, tunda ku masana'anta ne babu iyakar biyu cikin uku a kanku, za ki ci 18 riba ta koma sifili, 3 ta tafi gaba. Ki riƙe su a layi biyu daban, asarar da aka ɗaga da alawus ɗin da aka ɗaga, kar ki haɗe su wuri guda, don a shafin intanet na hukumar haraji inda ake shigar da ritan ma kowanne da gurbinsa, kuma asara a kan ribar irin sana'ar da ta haife ta kawai ake cire ta.

Kar kuma ki je ki yi wa oga albishir ɗin ba za a biya komai ba. A lissafin 2024 akwai mafi ƙarancin haraji, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ciniki, in kamfanin ya wuce shekara huɗu da fara aiki kuma cinikinsa ya kai miliyan 25. Cinikin miliyan 400 kenan zai biya miliyan 2, ga harajin ilimi a gefe.

Ku duka masu wasiƙun nan, duk alƙaluman da na kawo na tsohuwar doka ne, wadda ta hau kan lissafin 2024. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, hukumar haraji ta tarayya FIRS ta koma NRS, an daina alawus na farko, kuma kadarar da ba a biya mata harajin VAT ko kuɗin kwastan ba ba ta da alawus. In kuna lissafin abin da aka saya daga 2026, ku buɗe jadawalin sabuwar dokar ku ɗauki kason daga can, kar a kwafo na tsohon akantan da ya bar muku kujerar.