Maƙwabciyata ta haihu ta tiyata, me zan haɗa mata?

Tambaya: Salam 'yan uwa. Maƙwabciyata ce ta haihu, aiki aka yi mata, haihuwar fari ce kuma ba ta je wankan gida ba. Ina so in haɗa mata ɗan kwandon kayan abinci amma kuɗin hannuna ba yawa. Kayan shayi zan saya ko me kuke gani?

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya raya, ya ba ta lafiya, ke kuma ya biya ki. Wallahi ina karanta rubutunki sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru, don ni ma a ɗakina na yi jegon fari, ni ma yanka ni aka yi, mahaifiyata kuma tana kwance a lokacin ba ta iya zuwa ba. Don haka ki yi haƙuri in na yi tsawo.

Kayan shayin nan dai ki bar shi. Ba wai ba shi da kyau ba ne, sai dai shi kowa yake kawowa, kuma ba cikin mai jego yake shiga ba. Ni gwangwanayen madara da aka tara min har kan durowa, amma yayar maigidana da ta zo zaman jego ita ta karɓi ragamar komai. Duk wanda ya shigo da leda, a falo take tare shi, ta karɓa, ta yi godiya a madadina, ta kulle a ɗakin da ta sauka. Da safe a haɗa shayi mai kauri ita da 'ya'yanta da 'yan barka, ni kuma a turo min kofin kunun kanwa da tuwon jiya. Wani dare bayan suna yunwa ta tashe ni, irin yunwar mai shayarwa da take sa hannu rawa, yaro na tsotso yana sakewa yana tsala kuka, ɗinki yana ja na, ko juyawa ba na iya yi sai na riƙe gefen gado. Na lallaɓa dafe da bango har kicin, na buɗe tukwane, babu ko ƙanzo. Naman suna da aka soya cike da roba an rabe, kasona yana ɗakinta a kulle. A ƙasan kicin ɗin na zauna na sha ruwan fulas ina hawaye. Da safe na yi mata magana a hankali, sai cewa ta yi matan yanzu ba su da juriya, wai mu da ba mu ma yi naƙuda ba. Ba mu yi naƙuda ba! Har yau in na tuna kalmar nan sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji, kuma muna gaisawa lafiya lau a biki.

To shi ya sa nake cewa ki haɗa abin da za ta ajiye a gefen gadonta, ta miƙa hannu ta ci ba tare da ta roƙi kowa ba, wanda kuma ba ya buƙatar firij, tunda kin san halin wuta.

Dambun nama shi ne na farko in kuɗin zai kai. Ki sayi jan nama kilo 1, na cinya marar kitse, ki dafa da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri kaɗan har ruwan ya tsotse a jikinsa, ki daka a turmi, sannan ki soya da mai kaɗan a wuta marar ƙarfi kina juyawa. Kar ki gaji da juyawar nan. Sai kin ji ya yi wara-wara, ya daina tururi, in kin damƙa a hannu ba ya dunƙulewa, sannan ya yi. Ki baza shi a faranti ya huce sarai kafin ki rufe. In kika rufe da ɗumi gumi zai taru a murfin, kwana kaɗan ki ga fari-fari a sama, ya fara wari, asarar kuɗi kenan. Kilo ɗaya ba ya auki, kar ki yi mamaki in kin ga ya koma ɗan kaɗan. Ki raba shi a ƙananan robobi uku maimakon babba guda, don in aka buɗe babba a gaban baƙi, wannan ya ɗiba wancan ya ɗiba, kafin la'asar an ga gindin roba.

Sai kayan kunun gyaɗa, wanda shi ne ya cece ni daga baya, wata tsohuwa a layinmu ta kawo min, Allah ya jiƙanta. Gyaɗa gwangwani 4, ki zauna ki tsince ta da kyau, duk wadda ta motse ko ta yi baƙi ko ta yi hunhuna ki zubar, guda ɗaya mai ɗaci tana ɓata kunun duka kuma ba ta da kyau ga hanta. Ki soya sama-sama, kar ta yi ja irin ta ƙuli-ƙuli, ki murje ɓawon, a markaɗa ba tare da an sa ko ɗigon ruwa ba. Ki ce wa mai inji ya goge injinsa, in ba haka ba za ki dawo da gyaɗa mai ƙanshin tattasai. Ki zuba a kwalba busasshiya mai murfi. A gefe kuma shinkafar tuwo gwangwani 2, a wanke, a shanya ta bushe ƙarau, a niƙa gari. Ki haɗa da ƙullin tsamiya. Shi kenan, ko yarinya aka sa za ta iya: cokali uku na markaɗen a dama da ruwa kofi biyu a tace a ɗora, in ya tafasa a zuba garin shinkafa cokali biyu da aka dama da ruwan sanyi, a juya har ya yi kauri, a sauke sannan a zuba ruwan tsamiya. Ki gaya mata da busasshen cokali za ta riƙa ɗiba, haka zai yi mata makonni. In man ya taso sama ba lalacewa ya yi ba, juyawa za a yi.

Na san wasu a nan za su ce ina garin kunun kanwa, jego babu kanwa ai ba jego ba ne. Ni dai ba zan sa kanwa a kwandon kowa ba. Ana ta ɗura min shi safe da yamma wai don ruwan nono, ga wankan ruwan zafi da yayar tasa ta dage sai an yi duk da ɗinki, har ƙafata ta kumbura silifas ya daina shiga, in na kwanta sai tari, sai na jingina da filo biyu nake samun numfashi. Ita kuwa cewa take sanyin jego ne, a ƙara kanwa. Ranar da muka koma asibiti duba ɗinki nas ɗin ta danna ƙaurina da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba, nan take ta kira likita. Jinina ya hau. Faɗan da ya yi wa maigidan ranar, na ji daɗinsa har raina, ba zan ɓoye ba. Kuma ba sabon zance ba ne, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa. Ke da kike kusa da ita, in kin ga ƙafa ko fuska ta kumbura, ko tana haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kar ki tsaya jiran kwana 40, ki matsa wa mijin su tafi asibiti a ranar.

Wannan ma ya tuna min, kafin ki je kasuwa ki tambaye ta me ya sa aka yi aikin. In hawan jini ne ko jijjiga, ki rage gishiri da dunƙule a dambun sosai, kilishi ma ki bar shi. In suga ce ta taso mata da cikin, to babu dabino da yawa, babu lemon kwalba, kunun ma sai ta tambayi likitanta.

Yaji kuma ki daka mata da kanki ɗan kwalba: daddawa, busasshiyar citta, kanumfari, masoro, kimba kaɗan, barkono ɗan mitsitsi. Na sayarwa rabinsa gishiri ne da barkono. Mai ɗinki a ciki ba ta son abin da zai sa ta atishawa ko tari, wallahi atishawa ɗaya sai kin ji kamar an sake tsaga ki. Da yajin nan da busasshiyar kuɓewa ko kuka da ɗan busasshen kifi, ko ita kaɗai aka bari a gida an yi miya.

Abin da ba wanda yake faɗa saboda kunya shi ne bayan gida. Bayan aiki ciki yana ɗaurewa, ga maganin ƙarin jini da ake bayarwa shi ma yana ƙara ɗaure shi, kuma ba halin yin nishi. Don haka ki sa lemon zaƙi ko guda 6 ne, da gwanda guda wadda ta fara nuna, ba wadda ta yi luguf ba. Ayaba in za ki sa to kaɗan, zafin nan kwana biyu take baƙi. Kankana in an yanka sai a shanye a ranar, gara ki kawo ta daban wani lokaci. Lemon nan yana ma taimaka wa jiki ya ɗauki abin ƙarin jinin da ke cikin abinci, shayi kuwa in an sha shi tare da abinci rage shi yake, kin ga wani dalilin kenan. Zuma kuma in kin sa, ki ja kunnen masu zaman jego cewa ta uwa ce, ba a lasa wa jariri sai ya shekara.

In kuɗin bai kai nama ba kar ki takura kanki, gyaɗar da garin da tsamiya da lemo sun isa, ki ƙara dafaffen ƙwai in kin samu. Kuma kar ki kashe ko sisi a kan kwando mai ado da leda mai ƙyalli, wannan na masu ɗaukar hoto ne. Bokiti mai murfi ya fi, ɓera da kiyashi ba sa shiga, ba kuma kowa ke ganin abin da ke ciki ba, daga baya ta jiƙa kayan jariri a ciki.

Kar ki kai kafin suna. Kwanakin nan gida cike yake, ga ƙauri ga naman suna, duk abin da ya shiga na jama'a ne. Ki je barka hannu sake, ko da ɗan sabulu, ki bari sai kwana biyu ko uku bayan suna, lokacin da kowa ya watse aka bar ta da wanke-wanke. Ki shiga da hantsi, ki wuce har ƙuryar ɗaki, ki tura bokitin ƙarƙashin gado da hannunki, ki ce mata wannan naki ne ke kaɗai. In akwai mai zaman jego, ki ƙulla mata ɗan dambu daban a leda ki ba ta a falo da fara'a, ki ce Inna ga naki, sannu da ƙoƙari. Ba don ta cancanta ba dole, don kar ta sa wa bokitin ido.

Ni tawa ko da an ba ta nata sai ta leƙa ƙarƙashin gadon, na san halinta. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, wataƙila maƙwabciyarki ta dace da ta kirki. Ki gaishe min da ita, ki ce ta riƙa danna filo a kan ɗinkin in za ta yi tari ko dariya.