Amsa kan kweri mai neman biyan da aka yi sau biyu

Tambayar da aka turo: "Malam, na saka kweri a kan teburin `ap_invoices` yana gudana kowane dare, da `GROUP BY vendor_id, invoice_no, amount` da `HAVING COUNT(*) > 1`. Wata uku bai taɓa fitar da ko layi ɗaya ba, amma odita ya gano an biya mai kawo kaya ɗaya sau biyu. Ina kuskurena?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na saurari saƙonka, kuma zan amsa da murya, sannan in liƙa rubutun umarnin a wuraren da ya dace domin wanda zai mayar da maganar rubutu ya haɗa su.

Babu kuskure a yadda ka rubuta kwerin, matsalar ita ce ka tsaya gadi a ƙofar da tun farko a kulle take. Yawancin manhajojin lissafi ba sa yarda a shigar da lambar inbois ɗaya sau biyu a ƙarƙashin lambar mai kawo kaya ɗaya, ko dai su hana gaba ɗaya ko su yi gargaɗi. Saboda haka abin da kake nema shi ne ainihin abin da manhajar ta riga ta tace kafin ya shiga tebur. Duk biyan da ya fita sau biyu, ya fita ne domin layukan biyu sun bambanta a wani wuri, kuma aikinka shi ne ka gano irin bambancin da ido ba ya ɗauka da muhimmanci amma na'ura take ɗauka.

Bari in ba ka wanda ya faru a wurin da na taɓa aiki, domin har yau yana yi mini ciwo. Wani mai kawo mana kaya ya turo inbois ta imel a ranar 3 ga wata, ma'aikaciya ta shigar da shi kamar yadda yake a takarda, wato `INV-00482`, kuɗinsa 1,250,000. Bayan mako biyu direba ya kawo kwafin takarda tare da shaidar karɓar kaya, aka ajiye a teburin wani ma'aikaci daban, shi kuma mai gaggawa ne, sai ya rubuta `482` kawai. Bai tsaya nan ba. Da ya nemi sunan kamfanin a manhaja ya ga guda biyu, domin an taɓa yi masa rajista sau biyu, ɗaya a lamba 1043 ɗaya a lamba 2210, sunan na biyu da ƙarin harufa a ƙarshe. Ya zaɓi na biyun. To ka ga lambar inbois ta bambanta, lambar mai kaya ta bambanta, manhaja ba ta ce uffan ba, kuɗi suka fita sau biyu zuwa asusun banki ɗaya. Sai bayan wata bakwai aka gano, kuma da aka zauna taro ni aka kalla, saboda ni ne mai kwerin da kowace safiya yake cewa babu komai. An ɗauki watanni ana rubuta wasiƙa kafin a cire kuɗin daga biyan da ya biyo baya, kuma wanda ya yi rajistar ta biyu ba tare da dubawa ba, ko sunansa ba a ambata a taron ba.

Daga nan na koyi cewa kafin a kwatanta komai, sai an wanke lambar inbois. Ana cire duk abin da ba lamba ba, a cire sifirin da ke gaba, sannan a ajiye sakamakon a matsayin mabuɗin kwatance. Tunda ka taɓa cewa PostgreSQL kuke amfani da shi, ga yadda za ka yi:

```sql
NULLIF(ltrim(regexp_replace(invoice_no, '[^0-9]', '', 'g'), '0'), '') AS inv_key
```

Da wannan, `INV-00482` da `482` da `Inv 0482` duk za su koma 482. Kada ka cire `NULLIF` ɗin nan da sunan taƙaitawa. Akwai takardun da ake shigarwa ba su da lamba ko ɗaya, wani ya rubuta sunan wata ko wata kalma a gurbin, kuma idan aka wanke su sai su koma fanko. Fanko yana daidai da fanko, don haka duk za su haɗu da juna su cika maka rahoto da shirme, amma `NULL` ba ya daidaita da komai, har da kansa.

Akwai kuma masu rubuta harafin O a madadin sifiri, ko harafin I a madadin ɗaya, kuma za ka iya mayar da su lambobi kafin wankewa. A'a, bari in gyara wannan, kada ka yi shi kai tsaye. Na taɓa yin haka, sai harafin I na farkon `INV` ya koma ɗaya, lambar ta zama 100482, ta daina haɗuwa da 482, wato na ɓata abin da na zo gyarawa. Idan za ka yi, sai ka fara cire kalmar da ke gaba tukuna. A matakin farko ka bar shi kawai.

Abu na biyu shi ne ka daina dogara da `vendor_id`. Abin da ke nuna cewa mutum ɗaya ne ya karɓi kuɗin shi ne asusun bankin da aka tura, ko lambar harajinsa idan ana cike ta da gaskiya. Ka haɗa teburin inbois da teburin masu kawo kaya, ka ɗauko lambar asusu, ita ma ka cire mata tazara da alamomi. Ka ƙirƙiri `view`, ka kira shi `ap_clean`, ya ƙunshi `id` da `currency` da `amount` da mabuɗin nan `inv_key` da lambar asusu a gurbin `bank_acct`, kuma ka cire daga cikinsa duk takardun da aka soke ko aka juya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin idan ma'aikaci ya yi kuskure ya soke takarda ya sake shigar da ita daidai, layuka biyu masu kama da juna za su kasance a tebur alhali sau ɗaya aka biya. Sannan ka haɗa teburin da kansa:

```sql
INSERT INTO dup_review (id_a, id_b)
SELECT a.id, b.id
FROM ap_clean a
JOIN ap_clean b
  ON a.id < b.id
 AND a.bank_acct = b.bank_acct
 AND a.inv_key = b.inv_key
 AND a.currency = b.currency
 AND a.amount = b.amount
ON CONFLICT (id_a, id_b) DO NOTHING;
```

Sharaɗin `a.id < b.id` shi ne yake hana layi ya haɗu da kansa, kuma yake hana kowane haɗi ya fito sau biyu. Shi kuwa teburin `dup_review`, dole ka sa masa ƙa'idar `UNIQUE` a kan gurabe biyun nan, in ba haka ba umarnin `ON CONFLICT` zai ƙi gudana. Amfaninsa shi ne duk haɗin da aka taɓa gani ba zai sake shigowa a matsayin sabo ba. Ka ƙara masa gurbin hukunci, da sunan wanda ya duba, da ranar da ya duba. Na ga rahotannin da suka mutu ba don ba sa aiki ba, sai don kowace safiya suna maimaita layuka arba'in da aka riga aka wanke, har mai dubawa ya gaji ya daina buɗe saƙon, ranar da na arba'in da ɗaya ya shigo kuma babu wanda ya gan shi.

Na san za ka so ka faɗaɗa, ka ce duk inda asusu ɗaya ne kuma kuɗi ɗaya ne, a fito da shi ko da lambar inbois ta bambanta. Wannan yana kama abin da na farko ba ya kamawa, misali idan mai kaya ya sake fitar da inbois da sabuwar lamba a kan kaya ɗaya. Amma zai kwaso kuɗin haya da kuɗin gadi da duk wata yarjejeniyar da ake biyan adadi ɗaya kowane wata. Idan za ka yi, ka ware shi a matsayin rukuni na biyu, ka taƙaita tazarar ranakun inbois ɗin biyu zuwa ƙasa da wata, misali kwana 20, domin biyan wata-wata ya faɗo waje da kansa. Masu biyan mako-mako za su ci gaba da fitowa, su kuma sai ka ajiye su a ƙaramin teburin waɗanda aka keɓe, wanda shugaban sashe ne zai sa hannu a kansa, ba kai ba.

Batun lokaci kuma, ka ce kowane dare yake gudana, amma ban ji ka faɗi ko takardun da ba a biya ba suna ciki ba. Su ne suka fi muhimmanci. Ka kwatanta takardun da ke jiran biya da dukkan tarihi, akalla wata goma sha takwas baya, ka sa ya gudana kafin a haɗa jerin biya na ranar, domin riƙe takarda aikin minti biyu ne, dawo da kuɗin da ya fita kuwa aikin watanni ne. Idan `pg_cron` kake amfani da shi, ka zuba umarnin a cikin `PROCEDURE` guda mai suna `find_dups` ka tsara shi haka:

```sql
SELECT cron.schedule('dup_check', '0 5 * * 1-5', 'CALL find_dups()');
```

Wato ƙarfe biyar na asuba daga Litinin zuwa Juma'a, sai dai ka kula cewa agogon `pg_cron` yana bin GMT ne idan ba a canza masa ba, don haka ka lissafa da lokacin da ake haɗa jerin biya a wurinku.

Yanzu ga abin da ya dame ni a maganarka ta wata uku babu ko layi ɗaya. Ta yaya ka tabbatar cewa yana gudana ma? Shirun kweri mai lafiya da shirun kwerin da ya mutu iri ɗaya ne a wurin mai jiran saƙo. Ka buɗe `cron.job_run_details` ka duba matsayin kowane gudu. Ka sa saƙon safiya ya riƙa zuwa ko da ba a samu komai ba, yana faɗin adadin layukan da aka duba, domin ranar da adadin ya faɗi daga dubu talatin zuwa sifiri ka san wani abu ya karye a hanya.

Kafin ka saka sabon a jadawali, ka karɓi lambobin takardun nan biyu da odita ya gano, ka gudanar da kwerin da hannu a kan tarihin da ya haɗa da su. Idan sun fito, ka samu shaidar da za ka nuna. Idan ba su fito ba, ka ɗora layukan biyu kusa da juna, ka bi su gurbi bayan gurbi har ka ga inda suka rabu, sannan ka turo mini su a nan bayan ka rufe sunan kamfanin da lambar asusunsa.