Rajistar janaretan asibiti a Excel: waɗanne gurabe zan saka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne mai kula da janareta a wani ƙaramin asibiti a Gadarif, inji ne mai 200 kVA. Littafin da muke cikewa kusan duk layi "lafiya" aka rubuta, amma sau biyu wuta na ɗaukewa ya ƙi tashi. Ina so in mayar da rajistar Excel, in riƙa cikewa a waya. Yaya zan tsara ta, musamman wajen matsala da gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka buɗe Excel, ka fara hana kalmar "lafiya" shiga duk gurbin da ake iya aunawa. Batir, zafin ruwa, ƙarfin bugun man inji, yawan dizal, duk lamba za a rubuta. Lamba ce ke nuna maka abu yana lalacewa a hankali tun bai kai ga tsayar da inji ba.

Fayil ɗaya za ka yi mai shafi uku: `Dubawa`, `Gwaji` da `Matsaloli`. Ka gina shi a kwamfuta don ya fi sauƙi, daga baya ka riƙa cikewa a waya. Ka kuma buga kwafin takarda ka rataye a ɗakin injin, domin ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba wayar ma mutuwa take yi.

Shafin `Dubawa` na zagayen mako ne, kodayake a inda injin ke aiki kullum saboda yawan ɗaukewar wuta, gara a mayar da shi na kowace safiya. Layi ɗaya, zagaye ɗaya. Gurabensa: kwanan wata, sunan mai dubawa, awar da mitar inji ta nuna, litar dizal a tanki, matakin man inji, matakin ruwan lagireto, bolt na batir, yoyon mai ko ruwa, da yanayin matatar iska. Wannan ta ƙarshe kada ka bar ta sai lokacin sabis. Habub ɗaya mai ƙarfi ya isa ya toshe ta, shi ya sa bayan kowace guguwar ƙura a ƙara layi ko da ba ranar dubawa ba ce. Gurbin ƙarshe tambaya ɗaya ce: an bar allon sarrafa injin a `AUTO`? Makaniki yakan mayar da shi `STOP` don ya yi aiki ba tare da injin ya tashi a hannunsa ba, kuma daidai ya yi, sai dai in ya manta ya tafi, injin da ba abin da ke damunsa zai yi shiru a lokacin da ɗakin tiyata ke jiran wuta.

Don ƙidayar awoyin da suka rage kafin canjin mai, rubuta awar canjin ƙarshe a `L1`. In awar yau tana `C5`:

```
=250-(C5-$L$1)
```

Awa 250 ita aka fi amfani da ita a injunan dizal da yawa, wasu kuma 500 ne, sai ka bi littafin injinka.

Shafin `Gwaji` sau ɗaya ne a wata. Ƙa'idar NFPA 110 ta Amurka, wadda asibitoci da dama ke koyi da ita, ta ce a gwada da kaya na aƙalla minti 30, kayan kuma su kai kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin injin. Naka 200 kVA ya kama 160 kW, ke nan kana neman 48 kW ko fiye. Kunna shi haka kawai babu kaya ba gwaji ba ne. Dizal ɗin ba ya ƙonewa sosai, har ka ga baƙin mai yana tsatsowa ta mahaɗar salansa. A nan ka rubuta daƙiƙa nawa aka ɗauka daga yankewar wuta zuwa lokacin da ATS, makunnin da ke mayar da asibiti kan janareta da kansa, ya juya (10 ake nema a asibiti), bolt da amfiya na layi ukun, zafin ruwa, bugun mai, da mitar wutar, wadda a Sudan 50 Hz ce, injin yana juyi 1500 a minti.

Yanzu ga inda aikin yake. Kada ka cusa matsala a wani ɗan gurbin "ƙarin bayani" a ƙarshen layin dubawa, nan take ɓacewa. Kowace matsala ta samu layinta da lambarta a shafin `Matsaloli`:

```
A Lamba | B Ranar gani | C Awar inji | D Saƙon allo
E Abin da aka gani | F Tsanani | G Sanadi | H Gyara
I Wanda ya gyara | J Ranar rufewa | K Kwanaki a buɗe
```

A `D` a kwafi saƙon yadda allon ya rubuta shi, harafi da harafi, domin shi za ka karanta wa injiniya a waya. `F` zaɓi uku ya wadatar: inji ba zai tashi ba, zai tashi amma da haɗari, zai iya jira. A `K2` ka sa wannan, ka ja shi ƙasa:

```
=IF(AND(B2<>"",J2=""),TODAY()-B2,"")
```

In Excel ya ƙi karɓa, canza waƙafin zuwa `;`, wasu saitunan yanki haka suke so.

Mu ɗauki misali. Batiranka biyu ne masu 12, jimla 24. Ana auna su injin a kashe, wutar gari tana nan. In cajar bango tana aiki za ka ga wajen 27. Mako na farko an rubuta 27.3, na biyu 27.2, na uku 25.4, na huɗu 24.6. A mako na biyar wuta ta ɗauke, injin ya yi gurnani sau uku ya yi shiru, allo ya nuna `Fail to Start`. Layin zai kasance haka: lamba M-014, abin da aka gani, sitata tana juyawa da ƙyar, bolt ya faɗi zuwa 17 lokacin tayarwa, tsanani, ba zai tashi ba.

Mai gaggawa zai rubuta "batir ya mutu" a gurbin sanadi, a sayo sabo, a rufe. Bayan wata guda sabon ma ya kwanta. Amma in ka koma shafin `Dubawa` za ka ga faɗuwar daga 27.2 zuwa 25.4 a mako ɗaya ta faru. Batirin da ke tsufa a kan caja ba ya yin haka. Wannan alamar caja ce ta daina ba da wuta, allon sarrafawa kuma yana ta zuƙar batir dare da rana. Aka duba, ashe birekar cajar ce ta faɗi saboda wata waya da ta saki. To sanadi shi ne wayar caja. Gyara kuwa: an ɗaure wayar, an tayar da bireka, an caja batir, ya koma 27.3. Da a mako na uku wani ya buɗe layin matsala, da ba a kai ga duhu ba, don haka ka sa `Conditional Formatting` ya mayar da gurbin batir launin ja da zarar bolt ya gaza 26.

Gurbin `J` ba a cike shi ranar da makaniki ya ce ya gama. Sai an yanke wutar gari da gangan, bayan an sanar da ɗakin tiyata da na haihuwa, an ga injin ya tashi da kansa ya ɗauki kaya. Ni a ganina ma wanda ya gyara daban, wanda zai rufe layin daban. In kuma kayan gyara ake jira daga Bur Sudan, a rubuta hakan a `H` tare da dabarar wucin gadin da aka yi, a bar `J` babu komai, kwanakin `K` su yi ta ƙaruwa har shugaban asibiti ya gani a rahoton wata.