Kafin ka taɓa bangon gidan haya

"Yaya, na samu ɗakin da zan kama idan na iso karatu. An turo mini hotuna, bangon fari ne fat, babu ko kanta ɗaya. Ina so in yi masa shuɗin fenti mai duhu, in kafa kantoci uku na littattafai. Ejan ya ce mini a waya ba komai. Zan rubuta wa mai gidan cewa zan mayar da komai yadda na same shi in zan tashi. Hakan ya isa?"

Bai isa ba, ƙanena. Ko jirgi ba ka hau ba, har ka fara shirin ɗaukar wa kanka bashi.

Bari in fara da maganar ejan, don ita ce ta fi ci mini rai. A wani gida da na taɓa zama, ejan ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya dubi bangon, ya ce mini da bakinsa in yi fentin da nake so. Ranar da zan tashi wani ma'aikacin daban aka turo duba ɗakin, riƙe da takardar da aka cika ranar shigata. Takardar ta ce bango fari, idonsa ya ga bango ba fari ba, shi ke nan. Na ce an ba ni izini, ya ce in nuna masa. Da na nemi ejan na farko sai ya ce sam bai tuna mun yi haka da shi ba. Aka yanki kuɗin mai fenti daga kuɗin ajiyata, wato kuɗin da ɗan haya yake bayarwa a riƙe saboda ɓarna har ranar tashinsa, a lokacin da nake lissafin kowane kwabo. Har yau in na tuna yadda mutumin nan ya kalle ni ido cikin ido ya musanta, sai raina ya ɓaci. Don haka "ba komai" ɗin da aka ce maka a waya, ka ɗauka ba a faɗa ba. Sau da yawa ma ejan ba shi da hurumin ba da wannan izinin, mai gida ne yake da shi.

Kuɗin ajiyar nan kuma ba ƙaramin abu ba ne. A Ingila, tun 2019 doka ta ƙayyade shi a kan kuɗin hayar mako biyar ga yawancin gidaje, kuma dole mai gida ya sa shi a tsarin ajiya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. A Jamus yana iya kaiwa kuɗin hayar wata uku, ba a sa kuɗin ruwa da ɗumama ɗaki a lissafin. Kowace ƙasa da dokarta, amma duk inda ka je, mai raba gardama takarda da hoto yake dubawa. Ka buɗe yarjejeniyar hayarka ka nemi sakin layin da ya yi magana a kan gyara ko canza wani abu a ɗakin. Galibi za ka tarar an ce ba a yarda ba sai da rubutaccen izinin mai gida. Rubutaccen izini yana nufin amsarsa, ba wasiƙarka ba. In ka aika ya yi shiru, shirun nan ba yarda ba ne.

Yanzu ga alkawarin da kake shirin ɗauka, wai za ka mayar da komai yadda ka same shi. Kai kana ganin ladabi ne, amma ka tambayi kanka: yaya ka same shi? Fari kala-kala ne. Akwai fari tas, akwai mai ratsin ruwan madara, akwai mai sheƙi, akwai marar sheƙi. Bangon da ka gani a hoto wataƙila ya shekara da shekaru ba a taɓa shi ba, ya dushe, yana da tabon bayan kujera da tsofaffin ramukan ƙusa. In ka yi alkawari a buɗe ba tare da shaidar yadda yake ba, ranar tashi mai gida zai iya cewa lafiya lau ya ba ka shi, kai kuma ba ka da abin nunawa. A ƙa'ida ɗan haya ba ya biyan tsufan da zama na yau da kullum ya jawo wa ɗaki. Amma da zarar ka sa burushi a bango, ka shafe shaidar tsufan da hannunka, duk abin da aka gani daga baya aikinka ne.

Shi ya sa ba za ka aika komai daga inda kake ba. Ka bari ka iso, ka karɓi makulli, ka karanta takardar yanayin ɗaki da za a ba ka, ka gyara duk inda ba ta faɗi gaskiya ba kafin ka sa hannu. Ka ɗauki hoton kowane bango da rana, na nesa ɗaya, na kusa a kan kowane tabo da tsaga. Ka tura wa mai gida hotunan ta imel a ranar, domin kwanan watan ya zauna a wurin da ba wanda zai iya canza shi. In ka ga baƙin ɗigo-ɗigo a kusurwa ko fenti ya kumbura yana ɓarewa, danshi ne, kada ka kuskura ka rufe shi da fenti. Zai sake fitowa, kuma a lokacin za a ce kai ka ɓoye shi. Ka sanar da mai gida a rubuce, galibi gyaransa ne.

Mu yi lissafin shuɗin nan naka. A ce ɗakin mita 3 ne da mita 4, tsayin bango mita 2.4. Zagayensa mita 14 ke nan, in ka ninka da tsayin ka samu murabba'in mita 33 da ɗoriya, ka cire ƙofa da taga ya rage wajen 30. Litar fentin ruwa ɗaya tana rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafa ɗaya. Don shuɗin ya zauna sai ka shafa sau biyu, lita 5 zuwa 6. Wannan shi ne mai sauƙin. Wahalar tana wajen dawowa, domin fari ba ya rufe duhu da sauri. Za ka shafa sau uku, wani lokaci ma sai ka fara da fentin share fage, lita 8 zuwa 9 ko fiye, kowace shafa kuma sai ta bushe na wasu awoyi kafin ta gaba. Duk wannan a makon da kake haɗa kaya, kana neman wani gidan, wataƙila kana cikin jarrabawa. In ka yi gaggawa, bangon zai fito da inuwar shuɗi-shuɗi, an fi ganinta a gefen silin da kewayen soket, kuma nan mai duba ɗaki yake fara kai ido. Ni dai shawarata, in ba ka iya haƙura, ka nemi izinin bango ɗaya kawai, da launi mai haske. Mai gida ya fi saurin yarda, kai ma aikinka ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Kantocin sun fi fentin haɗari, kuma nan ne abin ya fi ba ni mamaki da na zo. A gidaje da yawa a nan ƙasar waje bangon cikin ɗaki ba bulo ba ne, allon filasta ne mai kaurin kusan milimita 12 da rabi, an kafa shi a jikin katakai ko ƙarafa da ke tsaye a baya, tsakaninsu santimita 40 ko 60. Ka ƙwanƙwasa da yatsa: in ka ji ƙara kamar ta ganga, babu komai a bayan wurin, in ka ji ta toshe, ka zo kan katako ko bango mai ƙarfi. Mita ɗaya na littattafai yana kai kilo 20 ko fiye. In ka ɗaura sukuru a allon kawai, kantar za ta fara sunkuyawa gaba, ka ga farin gari yana zuba a ƙarƙashin maƙalin, wata rana da dare ta taho da ɓallin bango. Dole maƙalan su shiga katakon baya, ko a yi amfani da matosai na musamman na bango mai rami, su kuma ramin da suke bari ya fi girma. Kada ka huda a saitin soket ko makunni, sama, ƙasa ko gefe, don ta nan wayar lantarki take bi. Kada ka huda tayil ko kaɗan, ba ya toshuwa, sai dai a canza shi.

Kanta uku, kowace da maƙali biyu, kowane maƙali da sukuru biyu, rami 12 ke nan aƙalla. Kowanne sai ka zare matoshin, ka cike da fila, wato kwaɓin toshe rami, ka jira ta bushe, ka ƙara don tana shanyewa, ka goge da samfefa, sannan fenti. In ka ɗiga fenti a kan ramukan kawai, za su fito ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da haske ya bugi bangon ta gefe, saboda sabon fenti ba ya sajewa da tsoho. Ƙarshenta sai ka shafe bangon gaba ɗaya. Kantar da ke tsayawa a ƙasa da ƙafafunta za ta raba ka da yawancin wannan, sai dai in doguwa ce tana buƙatar a ɗaure ta ta sama da sukuru ɗaya ko biyu don kada ta kife, wannan ma ka sa shi a wasiƙar.

Ga abin da wasiƙar za ta ƙunsa, ka juya shi zuwa harshen da aka rubuta yarjejeniyarku:

"Ina neman izininka a rubuce don yin fenti a bangon da ke fuskantar taga a ɗakin da nake haya, da launin da na haɗa sunansa da lambarsa a nan, marar sheƙi. Ina kuma neman izinin kafa kantoci uku a bangon hagu, rami 12, nesa da soket. Ni zan biya kuɗin aikin. Kafin in miƙa makulli zan cire kantocin, in toshe ramukan, in shafa wa bangon biyu fentin da ke kansu yanzu. Don Allah ka turo mini sunan fentin da lambarsa. In ba a san shi ba, ka zaɓi wanda kake so ka rubuto mini. In kuma ka fi son in bar kantocin ko launin, ka sanar da ni a rubuce kafin in tashi. Hotunan da na haɗa su ne yanayin bangon a yau. Ba zan fara aiki ba sai na ga amsarka."

Ka lura ban ce "yadda na same shi" ba ko sau ɗaya. Na faɗi wane bango, rami nawa, wane fenti. In ya amsa da sharaɗi, misali sai ƙwararren mai fenti ne zai yi aikin mayarwa, ka tambayi kuɗin aikin tun yanzu kafin ka ce to. In kuna da yawa a takardar haya ɗaya, ka gaya wa abokan zamanka, don abin da za a yanka daga kuɗin kowa zai fita. In kuwa a hannun wani ɗan haya ka karɓi ɗakin, izininsa bai wadatar ba, sai na mai gidan.

Gidan da na bari na ƙarshe da irin wannan wasiƙar na yi aiki. Na gama mayar da fentin tun saura mako guda, na kira mai gidan ya zo ya gani da idonsa, na ɗauki hoto daga inda na tsaya na ɗauki na farko, na ajiye rasit da gwangwanin fentin. Ko sisi ba a taɓa mini ba, kuma ina alfahari da hakan, don ba a banza na koye shi ba.

In ka iso ka turo mini hoton sakin layin yarjejeniyar da na bangon, mu duba tare kafin ka aika wa mai gidan komai. Kada ka sayi ko burushi sai amsarsa ta shigo imel ɗinka.